Yadda ake yanka ninkin matiris bulo-bulo don rage saɓanin kesh, mataki-mataki

Tambayar da aka fi yi mini a kan wannan aiki ita ce: "Na rubuta ninkin matiris da madaukai uku, amsa tana fitowa daidai, amma da matiris ɗin ya girma sai kwamfuta ta kama jan ƙafa. An ce in yanka shi bulo-bulo, na yanka, ban ga canji ba. Ina matsalar take?" Yawanci mai tambayar ya kwafi girman bulo ne daga wani wuri, bai zauna ya lissafa abin da madaukinsa ke buƙata a kusa ba. Wannan lissafin shi ne aikin, yankan kuwa layi biyar ne kawai.

Za mu bi misali guda daga farko har ƙarshe: matiris uku, A da B da C, kowanne layi 1024 da ginshiƙi 1024, lambobin nau'in `double` ne, a harshen C, a kan Linux. Kayan aikin duk kyauta ne: `gcc` don harhaɗa shirin, da `perf` da `valgrind` don aunawa. Abin da za ka kashe shi ne yammaci guda da ɗan haƙuri.

Kalmomi biyu kafin mu fara. Kesh ƙaramar ma'ajiya ce mai sauri a cikin firosesa, kamar teburin tela idan aka kwatanta shi da sito. Idan firosesa ya nemi lamba bai tarar da ita a kesh ba, sai ya jira a ɗauko ta daga nesa. Wannan rashin tararwar zan riƙa kiransa saɓani. Sannan kesh ba ya ɗauko lamba ɗaya tak, dami guda yake ɗaukowa na bayit 64 da ke jere. Masana suna ce masa layin kesh, amma ni zan ce dami, don kada mu rikita shi da layin matiris.

## 1. Duba keshin na'urarka

Kada ka yi zato, tambayi na'urar:

```
getconf -a | grep CACHE
lscpu
```

Kesh hawa-hawa ne: L1 shi ne mafi ƙanƙanta kuma mafi sauri, L2 da L3 sun fi shi girma da jinkiri. Lambobi uku kake nema game da L1 na bayanai: girmansa, girman dami, da abin da aka rubuta a `LEVEL1_DCACHE_ASSOC`. A misalinmu L1 bayit 32768 ne, wato kilobayit 32, dami bayit 64, lamba ta uku kuma 8. Firosesoci da yawa na Intel da AMD haka suke, wasu sababbin Intel kuma suna da kilobayit 48 da 12. Rubuta girman L2 shi ma. Ajiye lamba ta ukun nan a gefe, a mataki na 6 ita ce za ta tashi da magana.

Tunda `double` bayit 8 ne, dami ɗaya yana ɗauke da lambobi 8. Layi ɗaya na matiris kilobayit 8 ne, matiris guda megabayit 8, ukun kuma megabayit 24. Ka ga ko layi biyar ba za su shiga L1 tare ba.

Gargaɗi: `lscpu` yakan nuna jimillar L1 na duk cibiyoyin firosesa a haɗe. Na cibiya ɗaya kake so, domin madaukinka a kan ɗaya yake gudu.

## 2. Auna na asali, ka ƙirga saɓaninsa da hannu

Ga yadda kowa ke fara rubutawa, inda `N` shi ne yawan layuka, wato 1024 a misalinmu:

```c
for (int i = 0; i < N; i++)
  for (int j = 0; j < N; j++)
    for (int k = 0; k < N; k++)
      C[i*LD + j] += A[i*LD + k] * B[k*LD + j];
```

`LD` shi ne tazarar da ke tsakanin farkon layi da farkon na ƙasansa. A yanzu daidai yake da `N`, amma ka raba su tun yau, za ka gode daga baya.

Harshen C yana shimfiɗa matiris layi bayan layi. A madaukin ciki `k` ne ke motsi, don haka A ana bin layinsa a jere: saɓani ɗaya, sai lambobi bakwai na gaba su zo a ɓagas. B kuwa ana gangarawa ne ta ginshiƙi, kowane taku tsallen bayit 8192. Kowace lamba daga dami daban take, an ɗauko takwas an ci ɗaya. Sauran bakwai za a buƙace su idan `j` ya matsa gaba, to amma kafin nan an taɓa dami 1024, wato kilobayit 64, ninki biyu na L1. Damin da muke so tuni an kore shi.

Saboda haka kusan duk taɓa B saɓani ne. Madaukin ciki yana juyawa N³, wato sau 1,073,741,824. Saɓanin ke nan ya haura biliyan ɗaya. Lambar da ke L1 ana samun ta cikin bugu huɗu ko biyar na agogon firosesa, ta L2 goma sha wani abu, wadda ke RAM kuwa sai an jira bugu ɗari biyu ko fiye. Nan lokacin yake tafiya.

Yanzu auna, ka ga ko lissafin ya yi kusa:

```
gcc -O2 -march=native mm.c -o mm
perf stat -e L1-dcache-loads,L1-dcache-load-misses ./mm
```

Gargaɗi: a wannan matakin yi amfani da `-O2`. Da `-O3`, `gcc` yana iya musanya madaukan da kansa, sai ka auna abin da ba kai ka rubuta ba. Kuma ka buga jimillar lambobin C a ƙarshe, in ba haka ba yana iya ganin ba wanda ke amfani da amsar ya share aikin gaba ɗaya. Idan laftof ce, jona ta da wuta. In an ɗauke wuta ta koma batir, tana iya rage gudu, awon safe da na yamma su ƙi haɗuwa.

## 3. Gyara jerin madaukai kafin ka yanka komai

Mutane da yawa suna tsallake wannan, alhali shi ne riba mafi arha. Mayar da `j` ciki:

```c
for (int i = 0; i < N; i++)
  for (int k = 0; k < N; k++) {
    double a = A[i*LD + k];
    for (int j = 0; j < N; j++)
      C[i*LD + j] += a * B[k*LD + j];
  }
```

Yanzu B da C duka a jere ake bin su. Layin C na `i` ana komawa kansa a kowane `k`, kuma tsakanin zuwa da komowa abin da aka taɓa shi ne layin C ɗin da layin B guda, kilobayit 16. Wannan ya shiga L1, don haka layin C yana zaune daram. B ne ba ya zama: kowane `i` sai an karanta megabayit 8 ɗinsa daga farko. Saɓani ya koma N³/8, kimanin miliyan 134. Daga sama da biliyan ɗaya ke nan, ba tare da an yanka ko bulo ɗaya ba.

Abin da ya rage shi ne an ja B sau 1024, gigabayit 8 na zirga-zirga a kan matiris mai megabayit 8. Bulo wannan ɓarnar yake zuwa tsayarwa.

## 4. Lissafa kayan da dole su zauna a kusa

A nan nake so mu daɗe. Abin da ake nufi da kayan aiki na madauki shi ne duk damin da ake taɓawa daga lokacin da aka yi amfani da wata lamba zuwa lokacin da aka sake komawa kanta. Kesh yakan kori wanda aka fi daɗewa ba a taɓa ba. Idan abin da aka taɓa a tsakanin ya fi kesh girma, lambar ta tafi kafin a dawo. Idan bai kai ba, tana nan. Don haka tambayar da za ka yi wa kowane madauki ita ce: me nake so in sake amfani da shi, kuma me zai ratsa kafin in komo?

A mataki na 3 abin da muke so mu maimaita B ne, abin da ke ratsawa kuma B ɗin gaba ɗaya. Dabarar ita ce a yanki ɗan murabba'i daga B, layi T da ginshiƙi T, a gama duk aikin da ke buƙatarsa kafin a sake shi. Wane aiki ke buƙatarsa? Kowane layi `i`, ta hanyar guntun A mai lambobi T da guntun C mai lambobi T. Daga `i` zuwa `i` na gaba, abin da aka taɓa shi ne bulon B da waɗannan guntaye biyu:

```
W = 8 * (T*T + 2*T)
```

Mu saka lambobi. Idan T 32 ne, bulon bayit 8192 ne, guntayen 512, jimilla 8704, ɗan sama da rubu'in L1. Idan 48 ne, 18432 da 768, wato 19200, ya ɗan haura rabi. Idan 64 ne, bulon kaɗai 32768 ne, ya cinye L1 ƙaf, guntayen ba su da wurin zama. Kuma a irin wannan zagaye, inda ake bin bulo daga sama zuwa ƙasa a sake komawa sama, ƙetare iyaka ko da kaɗan yana da tsada: damin da aka kora shi ne wanda za a nema nan gaba kaɗan, shi kuma shigowarsa ta kori na bayansa.

Za ka ci karo da wata doka da ake yawan faɗa, cewa bulo uku su shiga tare, wato `3 * T*T * 8` kada ya wuce kesh. A kilobayit 32 wannan yana ba da T kada ya wuce 36. Dokar ba ƙarya ba ce, ta wanda yake so bulon A da na B da na C duka su zauna ne. Amma ba ita kaɗai ce hanya ba, kuma wanda ya haddace ta bai san dalilinta ba, da an canza jerin madaukai sai ya ruɗe. Jerin madaukanka ne ke faɗa maka abin da dole ya zauna.

Ni nakan ce kada kayan su wuce rabin kesh. Akwai wasu abubuwan shirin da ke buƙatar wuri, firosesa yana janyo wasu damin tun kafin a nema, kuma idan cibiya ɗaya tana tafiyar da zare biyu, L1 ɗaya suke rabawa. Sannan T ya zama ninkin 8, don guntu ya cika dami ba saura. Da wannan, 32 da 40 suna cikin aminci, 48 yana bakin gaɓa. Mu ɗauki 32.

Nawa saɓani zai zama? Bulon B guda 32 sau 32 ne, wato 1024. A kan kowanne ana bin layuka 1024, kowane layi yana ɗauko dami 4 na A da 4 na C. Ninka: 1024 sau 1024 sau 8, ya ba da 8,388,608. B kansa sau ɗaya aka ɗauko shi, dami 131,072. Jimilla wajen miliyan 8.5, kusan kashi ɗaya cikin goma sha shida na mataki na 3. A dunƙule N³/(4T) ne, ma'ana duk ninka T da ka yi, saɓani ya ragu da rabi, muddin bulon yana shiga.

## 5. Rubuta madaukan bulo

```c
for (int kk = 0; kk < N; kk += T)
 for (int jj = 0; jj < N; jj += T) {
  int ke = kk+T < N ? kk+T : N;
  int je = jj+T < N ? jj+T : N;
  for (int i = 0; i < N; i++)
   for (int k = kk; k < ke; k++) {
    double a = A[i*LD + k];
    for (int j = jj; j < je; j++)
     C[i*LD + j] += a * B[k*LD + j];
   }
 }
```

Madaukai biyu na waje suna zaɓen bulo, ukun ciki su ne na mataki na 3, an dai taƙaita `k` da `j`.

Gargaɗi: `ke` da `je` ba ado ba ne. Idan N 1000 ne, bulo 31 sun ci 992, saura 8. In ba ka tsayar da madauki a N ba, zai karanta bayan ƙarshen layi, wani lokaci shiri ya faɗi, wani lokaci kuma ya ba ka amsar banza cikin lumana.

Gargaɗi na biyu: sifili ake zuba wa C sau ɗaya, kafin a shiga madaukan. Wanda ya saba rubuta `sum = 0` a ciki sannan `C[...] = sum` zai goge abin da bulon baya ya tara, sai gudummawar `kk` na ƙarshe kawai ta rage.

Ware wuri da `aligned_alloc(64, ...)`, domin in farkon matiris bai dace da farkon dami ba, guntun da ya kamata ya ci dami 4 zai ci 5. Sa `restrict` a kan A da B da C don `gcc` ya san ba sa hawa kan juna. Kwatanta amsar da ta mataki na 2, lamba da lamba, ka yarda da ɗan bambanci kamar `1e-9`, saboda zagaye lambobi masu ɗigo yana iya bambanta.

## 6. Kauce wa tarkon 1024

Wannan shi ne ya taɓa cinye mini dare guda. Na yi lissafin mataki na 4 daidai, na saka T 32, na auna, saɓani ya ƙi sauka kamar yadda takarda ta ce. Na canza T zuwa 24, zuwa 16, ina ta lalube. Da gajiya ta kama ni na mayar da N 1000 don kawai in gwada iyakar bulo, sai ga lambobin sun faɗo inda nake tsammani. Matiris ya ragu da kaɗan, halin shirin ya canza gaba ɗaya.

Dalilin yana cikin lamba ta uku da muka ajiye. L1 ba fili ɗaya ba ne da dami zai kwanta inda ya ga dama. Ɗauke shi kamar masauki mai ɗakuna 64, kowane ɗaki gado 8, kowane gado dami ɗaya: 64 sau 8 sau 64 shi ne 32768. Adireshin dami ne ke yanke ɗakin da zai shiga, kuma ɗakunan suna zagayowa bayan kowane bayit 4096. Duk dami biyu da tazararsu ninkin 4096 ce, ɗaki ɗaya za a tura su.

To layukan bulonmu tazararsu 8192 ce. Kowane layi dami 4 ne, kuma layuka 32 ɗin duka ɗakuna huɗun nan suke nufa. Kowane ɗaki baƙi 32, gado 8. Cikin dami 128 na bulon, 32 kaɗai za su iya kwanciya a lokaci guda, ɗakuna 60 kuma bulon bai amfana da su ba. A N 1000 tazarar bayit 8000 ce, dami 125, kowane layi yana gocewa da ɗaki uku daga na samansa, sai su bazu. Lam da Rothberg da Wolf sun yi bayanin irin wannan karo tun 1991, har yau kuma yana kama mutane.

Magani na farko shi ne ciko: bar N yadda yake, ka faɗaɗa `LD`.

```c
int LD = N + 32;
```

Ƙarin lambobi 32 dami 4 ne, don haka kowane layi yana farawa a ɗaki na huɗu gaba da na samansa. Layuka 16 sun zagaye ɗakuna 64, 32 sun zagaye sau biyu, kowane ɗaki ya sami dami 2, saura gado 6 ga A da C. Kuɗinsa kilobayit 256 a kowane matiris, wajen kashi 3 cikin ɗari. Ka tuna ka ware wuri da `N * LD`, ba `N * N` ba.

Idan matiris daga wani wuri ya zo maka, ba ka da ikon canza shimfiɗarsa, sai magani na biyu: da an zaɓi `kk` da `jj`, kwafe bulon B zuwa ƙaramin wuri mai lambobi `T*T` a jere, ka yi aiki daga can. Kwafin lambobi 1024 ne, aikin da za a yi a kansu kuma ya haura juyi miliyan ɗaya, don haka ba za ka ji nauyinsa ba. Ni wannan na fi so, domin ba ruwansa da ko N nawa ne.

## 7. Sake aunawa, ka gwada T da dama

Gudu da T 16, 24, 32, 40, 48, 64, 96 da 128, kowanne sau uku ko biyar, ka ɗauki mafi ƙanƙantar lokaci, ka rubuta saɓani a gefensa. Ya kamata saɓanin L1 ya riƙa sauka har wajen 48, ya yi tsalle sama a 64. Idan ya yi tsalle tun a ƙananan T, koma mataki na 6.

Idan `perf` ya rubuta `<not supported>`, kamar yadda yakan yi a cikin kwamfutar kwaikwayo, yi amfani da wannan:

```
valgrind --tool=cachegrind --cache-sim=yes --D1=32768,8,64 ./mm
```

Duba layin `D1 misses`. Yana da jinkiri ƙwarai, don haka rage N zuwa 512. Tazararsa 4096 ce, tarkon mataki na 6 yana nan yadda yake. Cire `-march=native` idan firosesanka yana da AVX-512, domin `valgrind` ba ya gane umarninsa.

Gargaɗi: kada ka sa ran lokaci zai ragu sau goma sha shida don saɓani ya ragu haka. Firosesa ya iya hango karatun da ke tafiya a jere, yana janyo dami kafin a nema, don haka saɓanin mataki na 3 da yawa ba su da zafi. A na'ura mai babban L3, megabayit 8 na B ma suna iya zama a can. Kuma madaukin ciki mai juyi 32 gajere ne, shiga da fitarsa suna cin nasu rabon. Shi ya sa sau da yawa T mafi sauri yakan fi wanda lissafin L1 ya bayar girma. Wannan ba ya nufin lissafin ya kuskure, bulon ya koma zama a L2 ne. Yi lissafin da girman L2: idan kilobayit 256 ne, rabinsa 131072, raba da 8 ka sami 16384, tushensa 128. Idan ka ga lokaci ya fi kyau a 96 ko 128 alhali saɓanin L1 ya ƙaru, ga dalilin. Ɗaga N zuwa 2048 ko 4096, inda B ya kai megabayit 32 ko 128, a can tazarar da ke tsakanin mai bulo da marar bulo take fitowa sarai.

## 8. San inda za ka tsaya

Bayan kesh ya daina zama matsala, abin da ke riƙe ka shi ne madaukin ciki: kowane ninki ɗaya yana karanta B, ya karanta C, ya rubuta C. Mataki na gaba shi ne a riƙe ɗan yankin C, misali layi 4 da ginshiƙi 8, a cikin rijistocin firosesa, wato 'yan ma'ajiyoyin da yake lissafi a kansu kai tsaye, har `k` ya ƙare, sannan a sa bulon L1 a cikin babban bulon L2. Tambayar dai ita ce ta mataki na 4, a ma'ajiya mafi ƙanƙanta. Shiryayyun laburaren lissafin matiris irin su OpenBLAS da BLIS haka suke yi, da kwafin bulo da komai, an kuma daidaita su ga kowane irin firosesa. Idan ninkin matiris na yau da kullum kake buƙata a aikin da za ka miƙa, kira `cblas_dgemm` ɗinsu, ka ajiye naka a gefe don kwatanci. Inda za ka rubuta bulo da hannunka shi ne madaukin da ba wanda ya rubuta maka: juya matiris layi ya koma ginshiƙi, tace hoto, ko lissafin tazara tsakanin ɗigo dubbai. A can ma ka fara da `getconf`, ka rubuta lambobi ukun nan a takarda, ka ƙirga damin da ke ratsawa kafin ka zaɓi T.